Hajiya za ta hau jirgi ita kaɗai daga Kano zuwa Landan: yadda ake nema mata keke da mai taimako

*"Mahaifiyata shekarunta 74, tana da ciwon gwiwa da ciwon suga, kuma ba ta jin Turanci. Za ta zo wurina Landan daga Kano ita kaɗai saboda na kusa haihuwa. Tikitin da na gani mai sauƙi daga Abuja yake tashi, a yada zango a Doha. A gida da sanda take tafiya, amma ba ta nisa. Yaya zan nema mata keke a filin jirgi? Nawa ake biya? Kuma za su kula da ita har ta iso?"*

Allah ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa, ya kawo Hajiya lafiya. Na daɗe ina yanka wa mutane tikiti, kuma dattawa masu zuwa ganin jika suna cikin waɗanda suka fi zama a kujerar da ke gaban teburina. Bari in fara da mai sauƙin: ba a biyan ko sisi. Keken da mai tura shi duk suna cikin haƙƙin fasinja. Idan ejan ya ce ki ƙara masa wani abu "na keke", kuɗin wahalarsa yake nema, kuma wahalar ba ta wuce buga layi ɗaya a kwamfuta ba.

Abin da ke buƙatar natsuwa shi ne wane irin keke za ki nema, domin a wurin kamfanonin jirgi "keke" ba abu ɗaya ba ne. Matakai uku ne, kowanne da haruffa huɗu da duk kamfanonin duniya suke amfani da su. WCHR na wanda zai iya hawa matakalar jirgi da kansa, ya kuma taka zuwa kujerarsa, nisan cikin filin jirgi ne kawai ya fi ƙarfinsa. WCHS na wanda ba zai iya hawa ko sauka a matakala ba, amma in aka kai shi ƙofar jirgi zai lallaɓa ya isa kujera. WCHC kuwa na wanda ba ya takawa sam, sai an ɗora shi a wani siririn keke mai ɗamara da ke shiga tsakanin kujeru, an kai shi har wurin zamansa.

Idan kika ce wa ejan "a sa mata keke" kika yi shiru, mafi yawansu WCHR za su buga, don shi hannu ya saba da shi. A nan ake yin kuskuren da ya fi kowanne yawa. Ba kullum jirgi yake tsayawa a jikin gini ba, inda ake jona masa gadar nan mai rufi ana shiga a miƙe. Sau da yawa can nesa a fili ake ajiye shi, a kwashi fasinja a bas, a jingina masa matakalar ƙarfe. Babban jirgi irin na doguwar tafiya ƙofarsa ta ɗara mita huɗu daga ƙasa, wato kusan hawa bene guda da rabi, a tsaye, ga iska, ga mutane suna turowa daga baya. Mai WCHR, mai tura keke zai kai shi gindin matakalar ya ce bismilla, ya gama nasa. Mai WCHS kuwa tun kafin jirgin ya sauka an san sai an tanadi motar nan mai ɗaki a baya, wadda ke ɗagawa sama har ta yi daidai da ƙofar jirgi. Motocin nan ba su da yawa a kowane fili, kuma wanda aka rubuta sunansa tun farko shi ake fara yi wa.

Na taɓa yi wa wani dattijo tikiti, ɗansa ya rantse mini cewa Baba lafiyarsa ƙalau, "nisa ne kawai". Na buga WCHR. A inda suka yada zango aka ajiye jirgin a fili da tsakar dare. Baba ya leƙa matakala ya ce ba zai iya ba. Kafin a samo motar ɗagawa an kusa cin awa guda, jirgi na biyu ya tashi ya bar su. Tun daga ranar na daina tambayar 'ya'ya ko iyayensu "suna iya tafiya". Abin da nake tambaya shi ne: yaushe rabon da ta hau bene ba wanda ya riƙe ta? Ki yi wa wanda ke zaune da Hajiya wannan tambayar, kada ki yi wa ita kanta, domin kin san halin iyayenmu. Za ta ce miki ita da ta yi ɗawafi da safa da marwa da ƙafarta, wane bene ne zai gagare ta, alhali shekara goma sha biyar ke nan da yin hajjin. Ki kuma tuna cewa gwiwar da ta hau jirgi a Abuja ba ita ce za ta sauka a Doha ba: bayan awa bakwai zuwa takwas a zaune, ta sandare, ƙafa ta kumbura. Mai shekara 74 da ciwon gwiwa da sanda, ni WCHS zan buga mata ba tare da na yi shawara da kowa ba. Idan ranar ta ji ƙarfi ta ce za ta hau da kanta, ba wanda zai hana ta. Juyin hakan ne ba ya yiwuwa cikin sauƙi.

Kada kuma ki zarce ki nemi WCHC don "a fi kula da ita". Wannan harafin yana jawo tambayoyi: wa zai raka ta, ina takardar likita, za ta iya kai kanta banɗaki? Wasu kamfanonin ma suna da iyakar adadin irin waɗannan fasinjoji a jirgi ɗaya. Kina iya jawo wa kanki a ce ba za ta tashi ba sai da ɗan rakiya.

Yanzu yadda ake nema. In a shafin kamfanin jirgi za ki saya da kanki, wurin yana fitowa ko dai lokacin cike sunan fasinja, ko bayan an biya a ƙarƙashin Manage booking, sannan Special assistance. Galibi ba za su nuna miki haruffan ba, jimloli uku za su jera, sai ki zaɓi wadda ta ce ba ta iya hawa matakala. In ta hannun ejan ne, ki faɗa masa haruffan da bakinki. Daga nan kada ki yarda da "an sa". Ki ce ya turo miki hoton bukin ɗin kamar yadda yake a kwamfutarsa. Abin da kike nema ya yi kama da wannan, inda XX ke tsaye a madadin haruffa biyu na kamfanin:

```
SSR WCHS XX HK1/S2
SSR WCHS XX HK1/S3
```

Abu biyu za ki duba. Na farko HK, wanda ke nufin kamfani ya karɓa ya tabbatar. In kika ga NN ko HN, an nema ne ba a amsa ba tukuna. In NO ko UC ne, an ƙi, sai a kira a ji dalili. Na biyu yawan layukan. Ana liƙa buƙatar ne a jikin kowane tashi, ba a jikin sunan mutum ba. Abuja zuwa Doha layi ɗaya, Doha zuwa Landan layi ɗaya, dawowa kuma biyu. Tikitin zuwa da dawowa irin na Hajiya layi huɗu ya kamata ki ƙirga.

Wannan liƙawar ce kuma take cin mutane daga baya, kuma ke musamman zan ja wa kunne. Kakar da ta zo wankan jego ba ta cika komawa ranar da aka rubuta ba, sai an ɗaga. To duk ranar da aka canza kwanan tafiya, tsohon tashin ake sokewa a sa sabo, kuma sau da yawa layin keken yana bin tsohon ya ɓace. Haka ma in kamfani ne da kansa ya sauya lokaci ko lambar jirgi. Duk lokacin da aka taɓa tikitin, ki koma ki ƙirga layukan. Sannan ki duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin lambar jirgi, inda ake rubuta Operated by. Wani lokaci kamfani ɗaya ne ya sayar da tikiti, wani daban ne mai jirgin. Mai jirgin shi ke da alhakin keke a ranar, don haka shi za ki kira, ki ba shi lambar bukin ɗin mai haruffa shida, ki ce ya karanta miki abin da yake gani.

Game da lokaci, ƙa'idar da kusan kowa ke bi ita ce awa 48 kafin tashi, amma ni ranar yankan tikiti nake yi, in sake dubawa ana saura kwana uku. Awa 48 ɗin nan tana da tushe a dokar Tarayyar Turai mai lamba 1107 ta shekarar 2006, wadda Birtaniya ta ci gaba da aiki da ita bayan ficewarta. Dokar ta ɗora alhakin taimako a ƙasa a kan filin jirgi, kyauta, kuma kamfanin jirgi ne ke sanar da filin. Ko ba a nema da wuri ba za su taimaka, sai dai bambancin yana cikin jira. Ma'aunin da ake auna filayen Birtaniya da shi ya ce wanda ya nema tun farko a same shi cikin minti 20 da tsayuwar jirgi, wanda bai nema ba kuwa har minti 45. Ma'auni ne, ba alkawari ba, ranar cunkoso ana wuce shi. A Najeriya ma akwai dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama tana da jami'an sauraron koken fasinja a manyan filaye. A namu filayen ma'aikatan kamfanonin hidimar ƙasa ne suke tura keken a madadin kamfanin jirgi.

Tun da ba ki riga kin biya ba, bari in yi magana a kan hanyar kanta, don tana iya rage rabin wahalar. Mai keke shi ake fara shigarwa jirgi, shi ne kuma na ƙarshen fita. A lissafa: jirgi ya tsaya, mutum ɗari biyu da wani abu su fita, minti ashirin ta tafi. A jira keke. Sau da yawa mai turawa ɗaya ne da fasinja biyu ko uku, ko a tara su a ɗauke su a ƙaramar mota mai batir. A bi ta wurin bincike, a gangara zuwa wata ƙofa mai nisa. Can kuma ana fara shigar da masu keke kusan awa guda kafin tashi. Zangon awa ɗaya da kwata, wanda saurayi mai jaka a baya zai yi a guje, ga Hajiya caca ce. Ni daga awa biyu da rabi zuwa huɗu nake zaɓa wa dattawa. Wanda ya kai awa takwas ko goma shi ma ban so, domin mai tura keke ba ya zama da ita. Zai ajiye ta a wurin jiran masu buƙatar taimako ko a bakin ƙofa, ya ce zai dawo, ya tafi ɗauko wani. Awa goma a kujera cikin sanyin na'ura, ba mai jin yarenta, ba ƙaramin abu ba ne. Akwai jirgin da ke tashi daga Abuja kai tsaye zuwa Landan cikin awa shida da 'yan kai. Ya fi tsada, amma in bambancin bai fi ƙarfinki ba, shi zan ce ki saya: hawa ɗaya, sauka ɗaya, kina tsaye kina jiranta.

Sai ɓangaren da tambayarki ta tsallake, wato Kano zuwa Abuja. Wannan tikiti ne daban da kamfani daban, kuma abin da kika nema a babban tikitin bai shafe shi ba ko kaɗan. Sai an nema masa nasa keken, kuma jiragen cikin gida da matakala aka fi hawansu. In ta sauka Abuja sai ta karɓi kayanta, ta bar ɓangaren jiragen gida ta koma ginin na ƙasashen waje, a sake awo. Tsakanin nan babu kamfanin da ya ɗauki alhakinta. In kuma jirgin Kano ya makara, wanda ba baƙon abu ba ne, balle lokacin hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, kamfanin waje ba ruwansa, sai dai ki sake biya. Don haka ko dai ta je Abuja tun ana gobe tare da wani ɗan'uwa da zai kai ta har teburin awo, ko ki sa ejan ya duba miki jiragen waje da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano kansa, a haɗa tafiyar duka a tikiti ɗaya, a auna kaya sau ɗaya.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe, wadda ita ce mai nauyi. Za su kai ta, amma ba za su yi jinyarta ba. Mai tura keke zai ɗauke ta daga teburin awo, ya bi da ita shige da fice da bincike, galibi ta layi na musamman, ya kai ta ƙofar jirgi. A Landan za a ɗauko ta, a taya ta ɗaukar kaya, a fito da ita inda ake tarbar baƙi. A cikin jirgi ma'aikata za su taya ta ɗora jaka a sama, su buɗe mata abinci, su kuma kai ta bakin banɗaki in akwai buƙata, don manyan jirage suna da ɗan keken ciki. Amma ba za su ɗaga ta ba, ba za su ba ta abinci a baki ba, ba za su ba ta magani ko su yi mata allura ba, ba kuma za su shiga banɗaki da ita ba. Abin da kamfani ke aunawa kafin ya bar mutum ya tashi shi kaɗai shi ne: zai iya ɗaura ɗamarar kujera ya kwance, ya sa abin shaƙar iska in ya faɗo daga sama, ya gane umarnin ma'aikata ko da da nuni, ya kuma kai kansa ƙofar fita in wani abu ya faru? Daga yadda kika kwatanta Hajiya, za ta iya. Amma in ta fara mantuwa, tana rikicewa a baƙon wuri, ko ba ita ke yi wa kanta allurar suga ba, to babu harafin da zai maye gurbin ɗan rakiya, kuma gara ki san haka yau da a faɗa muku a teburin awo.

Mutane suna yawan tambayata takardar likita. Don tsufa da ciwon gwiwa kawai, ba a nema. Ana neman fom ɗin da ake kira MEDIF ne in an yi wa mutum tiyata kwanan nan, ko ya samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba da daɗewa ba, ko yana buƙatar oksijin. Likitanta ne zai cike, likitan kamfani ya duba ya amince, kuma yana ɗaukar kwanaki. Dalilin shi ne iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, oksijin ɗin da ke shiga jini yana raguwa kaɗan. Mai lafiya ba ya ji, mai ciwon zuciya ko huhu yana ji. Likitoci suna da gwaji mai sauƙi: in mutum zai taka mita hamsin ba tare da numfashi ya sarƙe masa ba, yawanci zai jure. A lura, numfashi ake dubawa, ba zafin gwiwa ba. Duk da haka ta ga likitanta kafin tafiya, ya rubuta mata wasiƙa da Turanci mai jera magungunanta da adadinsu, ta kuma tambaye shi game da safar matse ƙafa, domin zama fiye da awa huɗu yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, musamman ga manya.

Magani duka a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, tare da rarar 'yan kwanaki. Akwati yana iya kwana a Doha, kuma insulin yana lalacewa in ya daskare a ɗakin kaya. Dokar nan da ta hana shiga jirgi da ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu ba ta hana maganin ruwa ko allura, a nuna su kawai tare da wasiƙar. In tana shan mai kashe zafi mai ƙarfi irin taramadol ko kodin don gwiwar, lallai sunansa ya fito a wasiƙar, don ƙasashen Larabawa ba sa wasa da su. Ga wata sa'a da kuka yi: agogon Najeriya da na Birtaniya ɗaya ne daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni kuma awa ɗaya ce tsakani. Doha ce ke gaban Najeriya da awa biyu. Saboda haka ta bar agogon hannunta a lokacin Kano, ta sha magani yadda ta saba, kada ta bi agogon bango na Doha. Ki nema mata abincin masu suga, DBML, a lokacin da kike neman keken, shi ma yana son kwana ɗaya zuwa biyu. Amma abincin jirgi ba ya zuwa a lokacin da ta saba ci, don haka ta riƙe dabino ko biskit a jaka saboda faɗuwar suga.

Kujera kuwa, ta bakin hanya, kusa da banɗaki amma ba a jikinsa ba. Ba za a ba ta layin ƙofar gaggawa ba, doka ce. Layin gaba mai bango yana da wurin miƙe ƙafa, sai dai hannun kujerunsa ba ya ɗagawa, kuma jaka dole ta hau sama lokacin tashi da sauka. Ga mai son maganinta da carbinta kusa, kujerar bakin hanya mai hannu mai ɗagawa ta fi. Idan shafin ya nemi kuɗin zaɓen kujera, ki fara kiran sashen taimakon, kamfanoni da yawa suna ba masu keke kujerar da ta dace ba tare da biya ba. Sandarta za ta shiga da ita, za a saka ta a na'urar bincike, a ajiye mata ita lokacin tashi da sauka.

Akwai abin da na sha gani ga iyayenmu mata wanda babu fom ɗin da ke magance shi: sai su ƙi shan ruwa tun daga gida don kada su tashi zuwa banɗaki, saboda kunya ko tsoron ƙofar. Ga mai suga, cikin busasshiyar iskar jirgi, wannan haɗari ne. A zaunar da ita a nuna mata hoton banɗakin jirgi: ƙofar turawa ake yi ta naɗe, sakata ce ke kunna fitila, kuma in an danna ruwa yana yin ƙara mai firgitarwa, ba wani abu ba ne. Babu buta, ta riƙe ƙaramar gorar roba. A kuma nuna mata maɓallin kiran ma'aikata.

Maganar yare ita ce ta fi damuna a tafiyar nan. Ki buga mata kati da manyan haruffa da Turanci, a rataya mata a wuya cikin leda: sunanta, cewa Hausa kawai take ji, tana da suga, lambobin jiragenta biyu, adireshinki da lambar wayarki. A bayansa ki jera 'yan kalmomi, Hausa gefe Turanci gefe: ruwa, banɗaki, jiri nake ji, ku kira 'yata, wurin salla. Sai ta nuna da yatsa. Mai tura keke ba tafinta ba ne, kuma a gaban jami'in shige da fice na Birtaniya ba zai amsa mata ba. Ta riƙe wasiƙar gayyatarki da kwafin tikitin komawa a hannu, ke kuma wayarki ta kasance a buɗe, don suna iya kiranki. Layin wayarta na gida a sa masa kuɗi a buɗe masa kiran ƙasar waje, kada a dogara da cewa za ta iya shiga intanet ɗin filin jirgi da kanta. Sannan abu ɗaya da za ku maimaita mata har ta gaji da ji: in jirgi ya sauka kowa ya miƙe, ita ta zauna. Dattawa da yawa suna ganin jirgi ya watse sai hankalinsu ya tashi su bi ayari, mai keke ya zo ya tarar da kujera wayam, ita kuma tana can tsakiyar doguwar hanya da sanda, ba ta san gabas ba.

Ranar tafiya su isa filin Abuja awa uku kafin tashi, ko da ɗan ƙari. Wanda ya rako ta ya faɗa a teburin awo cewa akwai keke a bukin, ya tabbatar an ba ta katin shiga jirgi guda biyu, an kuma liƙa wa akwatunanta takardar Landan, ba Doha ba. Kada ya bar wurin sai ya ga ta zauna a keken. Fasfo da kuɗi a jikinta, ba a aljihun bayan keke ba. A wurin bincike mace ce za ta laluba ta, kuma tana da damar neman a yi a keɓe. In ta ga dama ta ba mai turawa na goro, kyautarta ce, ba sharaɗi ba.

Ki kuma faɗa wa masu haɗa mata tsaraba tun yanzu: kilishi, dambun nama da man shanu ba sa shiga Birtaniya daga Najeriya, an hana nama da kayan madara. Na san mai jego ce za a zo wa, na san ba za a ji ba, amma kuka da kuɓewa busasshiya da yaji sun isa cika akwati. A Landan ki ba ta awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan allo ya nuna jirgi ya sauka kafin hankalinki ya fara tashi, tun da ita ce ta ƙarshen fitowa. In an wuce haka, ki nemi teburin da aka rubuta Special assistance ko wayar taimako da ke zauren tarba, ki ba su sunanta da lambar jirgi, su ne za su gaya miki inda aka kai da ita.